Inshorar kayan shago a Jos: tambayoyi da amsoshi kan gobara, ambaliya da hujjar darajar kaya

Duk ɗan kasuwar da ya kai shekara talatin da biyar a Jos ba ya buƙatar a ba shi labarin gobarar babbar kasuwar Taminus ta watan Fabrairun 2002, ko ambaliyar watan Yulin 2012 da ta ratsa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shaguna da sito suka fi yi idan maganar inshorar kaya ta taso. Mafi yawansu suna komawa ga abu ɗaya: kamfanin inshora yana biyan abin da ka iya nuna masa a takarda ne, ba abin da ka san kana da shi a ranka ba.

Mai gidan da nake haya ya ce ya yi wa ginin inshora. Kayana suna ciki?

Ba sa ciki. Inshorar gini daban, ta kaya daban. Ta mai gida za ta gyara bango da rufi da ƙofa. Atamfar da ke kan kanta, da katan-katan ɗin da ke sito, sai ka yi musu tasu da sunanka. Ita kantar, da gilashi, da janareto, da injin POS, su ma ba a ɗaukarsu a matsayin haja, sai an rubuta su a layi na daban da kuɗinsu na daban. Tsabar kuɗin da ke cikin durowa kuwa inshorar gobara ba ta biyansu ko kaɗan.

Idan na ce "inshorar gobara", ambaliya ta shiga?

Ba lallai ba. Inshorar gobara zalla tana ɗaukar wuta, da tsawa, da wasu nau'o'in fashewa. Ambaliya, da guguwa, da fashewar bututun ruwa, da mota ta ƙwace ta afka wa shago, da tarzoma, duk ƙari ne da ake haɗawa a kai. Kamfanoni da yawa suna sayar da su a dunƙule, amma kada ka dogara da bakin dillali. Buɗe takardar, ka nemi shafin da aka jera sunanka, da adireshin shago, da kuɗin da aka rufe, da haɗurran da aka ɗauka. Idan ba ka ga ambaliya a rubuce ba, babu ita.

Mu a Jos akwai ƙarin abin dubawa, wato tarzoma. Wutar da aka cinna lokacin rikici ba ɗaya take da wutar da ta tashi daga wayar lantarki ba a wurin kamfanin inshora. Garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 bai kamata ɗan kasuwarsa ya sa hannu a takardar da babu tarzoma da ɓarna da gangan a ciki ba. Harin ta'addanci kuma, irin bama-baman da suka tashi a Taminus a watan Mayun 2014, yawanci a cire yake gaba ɗaya, sai an saya shi daban. Ka yi tambayar ƙarara, a ba ka amsa a rubuce.

Wane farashi za a biya ni, na saye ko na sayarwa?

Na sari. Inshorar kaya tana mayar da kai inda kake kafin asarar ne, ba ta biyan ribar da kake fatan ci. Turmin atamfar da ka saro a Kantin Kwari naira 8,000 kana sayarwa 10,000, lissafinsa 8,000 ne, a ƙara kuɗin mota da dako da suka kawo shi Jos idan kana da shaidarsu.

Akwai wani bambanci da ya zama babba tun da farashi ya fara tsalle bayan sakin naira a 2023. Wata takardar tana cewa farashin da ke jikin rasit ɗinka, wata kuma tana cewa abin da za ka biya ka sake saro irin kayan a ranar da asarar ta faru. Kayan da suka yi wata takwas a sito, tazarar waɗannan biyu za ta iya yin yawa. Ka san wacce aka rubuta maka, domin da ita ce za ka auna kuɗin da za ka rufe. Kayan da yayinsu ya wuce, ko suka koɗe, ko wa'adinsu ya ƙare, za a rage musu daraja ko da rasit ɗinsu na hannunka.

Kayana sun kai miliyan 16. Idan na rufe miliyan 12 don in rage kuɗin inshora, ai dai za a biya ni har 12 ɗin?

Nan ne mutane suka fi shan mamaki, don haka bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Lambobin na misali ne kawai.

Wani mai shagon atamfa da shadda a kusa da titin Ahmadu Bello ya rufe kayansa a kan naira miliyan 12 a watan Janairu. A watan Disamba, shago cike da kayan Kirsimeti da na bukukuwan ƙarshen shekara, wuta ta tashi da dare. Da mai kiyasta asara ya gama aikinsa, sai ya gano cewa kayan da ke shagon a daren sun kai miliyan 16 a farashin sari. Maƙwabta sun fitar da na miliyan 4 lafiya. Na miliyan 12 sun ƙone ko ruwan 'yan kwana-kwana ya ɓata su. Daga cikin waɗanda suka ɓaci an sayar da masu ɗan dama-dama a kan miliyan 2. Asarar gaske ta zama miliyan 10.

Alhaji yana jiran miliyan 10, tun da ba ta kai 12 da ya rufe ba. Amma a takardarsa akwai sharaɗin da ake kira abarej, kuma da wuya ka ga inshorar gobara da babu shi. Sharaɗin yana cewa idan kayanka sun fi kuɗin da ka rufe, to kai ne ka ɗauki nauyin rarar da kanka, kuma kowace asara da kai za a raba ta. Ya rufe 12 cikin 16, wato kashi uku cikin huɗu. Don haka kamfani zai biya kashi uku cikin huɗu na miliyan 10, miliyan 7 da dubu 500 ke nan.

Ba a gama ba. Kusan kowace takarda tana da wani kaso na farko da mai kaya ke ɗauka a kowace asara. A ce nasa kashi 10 cikin 100 ne. An cire 750,000, abin da zai shiga asusunsa 6,750,000.

Da ya rufe miliyan 16 ɗin cif, da ya karɓi miliyan 9. A ce ana cajinsa kwabo 50 a kan kowace naira 100: inshorar miliyan 12 naira 60,000 ce a shekara, ta miliyan 16 kuwa 80,000. Ya tsimi 20,000, ya rasa 2,250,000. Kuma a gaskiya yawancin masu faɗawa wannan rami ba rowa ce ta kai su ba. A Janairu kayan miliyan 12 ne da gaske a shagon. Kasuwa ce ta buɗe, farashi ya hau, ba wanda ya tuna ya kira kamfani.

To kayana ba sa tsayawa wuri ɗaya. Gab da Sallah shago ya cika, bayan Sallah ya zama fayau. Wane adadi zan rubuta?

Mafi yawan abin da ke taruwa a shagon a shekara, ba matsakaici ba. Gobara ba ta duba kalanda, amma lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da iska ta bushe kuma wuta ke saurin ci, kuma a Jos ya zo daidai da cikar shaguna don ƙarshen shekara.

Hanya biyu ce. Ko ka rubuta wa kamfani kafin babban sari ya iso, a ƙara adadin, ka biya ɗan cikon kuɗi na watannin da suka rage, a ba ka takardar ƙari. Ko kuma, idan kayanka masu yawa ne, ka nemi irin inshorar da ake bayyana kaya wata-wata: ana rufe ka a kan adadi mafi girma, ka biya kaso na kuɗin tun farko, duk wata ka aika da darajar kayan da ke hannunka, a ƙarshen shekara a yi lissafi a ga wa ke bin wani. Tana da kyau ga mai sito, amma sai mai iya riƙe littafi. Wanda ba ya ƙirga kaya kada ya fara ta.

Kaya sun zama toka. Ta yaya wani zai ce sun kai miliyan 16?

Da lissafin baya. Mai kiyasta asara, wanda kamfani ke turowa, yana farawa ne daga ranar ƙarshe da ka ƙirga kayanka, ya ƙara abin da ka saro tun daga ranar, ya cire abin da ka sayar. Abin da ya rage shi ne ya kamata a ce yana shago a daren gobara.

A misalinmu, Alhaji ya ƙirga kaya ranar 30 ga Yuni, suka kama miliyan 14 a farashin sari, ya sa hannu shi da yaron shagonsa. Daga Yuli zuwa daren wutar ya saro na miliyan 22, akwai rasit da webil da tiransfa. Cinikin da ya yi a tsawon lokacin miliyan 25 ne. Amma cinikin a farashin sayarwa yake, dole a cire ribar da ke ciki kafin a haɗa shi da sauran. Yana saye 8,000 ya sayar 10,000, wato a kowace naira 100 ta ciniki, 80 uwar kuɗi ce. Miliyan 25 na ciniki, kayan miliyan 20 ke nan suka fita. Sha huɗu da ashirin da biyu, talatin da shida. A cire ashirin, saura 16.

Ka lura da inda lissafin ke iya karkacewa. Idan ba ka da ƙirgar watan Yuni, babu mafari. Idan rabin sarinka da tsabar kuɗi ka yi a Kano ko Anaca ba tare da rasit ba, mai kiyasi ba zai sa shi a lissafi don ka rantse ba, sai kayanka su ragu a takarda. Idan kuma cinikinka na hannu da hannu ba ka rubuta shi, zai ga abin da ya shiga banki bai yi daidai da yawan sarin ba, ya fara shakkar komai.

Sannan ba a takarda kaɗai yake tsayawa ba. Zai auna faɗin shagon da tsawon kanta ya ga ko kayan da ka faɗa za su iya shiga. Zai tona tokar. Atamfar da aka jera a matse ba ta cinyewa ƙurmus: gefuna ne ke ƙonewa, tsakiyar ta rage baƙa-ƙirin a dunƙule, ana iya ƙirga turame nawa ne a jeri ɗaya. Kwalin da ake naɗe shadda a kai, da wayar ɗaurin dila, su ma shaida ne.

Waɗanne takardu ne ya kamata in riƙa ajiyewa?

Huɗu sun isa idan an riƙe su da gaske. Takardar ƙirgar kaya, aƙalla duk wata uku, da kwanan wata, da sunan kowane kaya, da yawansa, da farashin sarinsa. Rasit da webil na duk abin da ya shigo. Littafin ciniki na kullum, har da bashi da kayan da aka dawo da su. Sai bayanan asusun banki da na POS, wanda ya fi kyau a ce asusun kasuwa daban yake da na cefanen gida.

Dilan da ba ya ba da rasit, ka biya shi ta tiransfa, ka rubuta abin da ka saya a gurbin bayani, ka ɗauki hoton kayan da webil ɗin direba. Ba ta kai rasit ba, amma ta fi babu nesa ba kusa ba.

Ranar ƙirga kuma ka ɗauki bidiyo. Fara daga bakin ƙofa yadda lambar shago za ta fito, ka faɗi kwanan wata da bakinka, ka bi kanta-kanta a hankali, ka buɗe katan biyu uku a ga ba fanko ba ne. Minti biyar ya isa.

Abin da ya fi duk waɗannan: kada littafin ya kwana inda kayan suke kwana. An sha ganin ɗan kasuwa mai tsari, komai a rubuce, amma littafin yana cikin durowar shagon, ya ƙone tare da hajar. Wasu takardun inshora ma sun sa shi sharaɗi cewa a ajiye littattafai a wani wuri daban ko cikin akwatin da wuta ba ta ci. Duk Juma'a ka ɗauki hoton shafukan makon, ka tura wa kanka ta imel ko ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp. Idan littafin ma ya tafi, ana iya sake gina lissafi daga banki da kwafin rasit na dilolinka, sai dai yana cin lokaci kuma yawanci a ƙasa yake ƙarewa.

Ambaliya fa, akwai abin da ya bambanta ta da gobara?

Akwai sharaɗin ɗaga kaya daga ƙasa. Takardu da yawa suna cewa a ɗora kaya a kan katako ko kanta, kamar santimita 15 daga daɓe. Idan ruwa ya shigo ya tarar da buhuna a ƙasa tsirara, kamfani na iya ƙin biyan layin ƙasan, ko ma asarar duka. Mai sito a kusa da rafin Dilimi ko inda kwata ke toshewa a watan Yuli da Agusta ya ɗauki hoton kayansa a kan katako tun farkon damina.

Haka nan ba kowane ruwa ne ambaliya ba. Rufin da ya daɗe yana yoyo, ko danshin da ke tasowa ta bango har kaya su yi fumfuna, rashin gyara ne a wurinsu, ba sa biya. Kayan da aka bari a fili ma yawanci a cire suke. Idan wurinka ya taɓa shan ruwa, ka faɗa a fom tun farko. Ɓoye shi na iya rushe inshorar duka ranar da ka zo nema.

Bayan ruwa ya janye, kafin a yi shara, ɗauki hoton layin laka da ya bari a bango, ka jingina ma'auni ko sanda a jikinsa.

Wuta ta mutu, gari ya waye. Me zan fara yi?

Sanar da kamfani ko dillalinka a ranar, ta waya sannan a rubuce. Ka je ofishin 'yan kwana-kwana na Jihar Filato ka nemi rahotonsu, ka kai rahoto wurin 'yan sanda idan kamfani ya buƙata ko ana zargin hannun wani. Ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Kayan da za su ƙara lalacewa ka kwashe su, ka shanya masu jiƙewa, domin takarda ta ɗora maka rage asara, amma ka rubuta abin da ka kwashe da inda ka kai shi. Tokar da tarkacen kuwa kada a taɓa sai mai kiyasi ya zo, ko da 'yan uwa sun zo jaje da shebur da baro. Kada ka sayar da ragowar kaya sai da izininsa.

Takardar tana ƙayyade kwanakin da za ka miƙa cikakken lissafin asara, ka duba adadin tun yau. Kayan da ɓata-gari suka wawushe ana tsakiyar kashe wuta, inshorar gobara yawanci ba ta ɗaukarsu. Kada kuma ka ƙara gishiri a lissafi don "ai za su rage": idan aka kama ƙari na ganganci, har asarar gaskiyar ma za ka rasa.

Akwai kayan mutane a shagona, na sayar in ba su kuɗinsu. Suna ciki?

Sai an rubuta cewa inshorar ta haɗa da kayan amana. Idan ba a rubuta ba, naka kaɗai za a lissafa. Haka kayan da ka kai wani sito a Katako ko Bukur: adireshin da ke takarda kawai aka rufe.

Dillali ya ce in biya rabi, an riga an rufe ni. Haka ne?

Ƙa'idar da NAICOM, hukumar da ke kula da inshora a Najeriya, ke aiki da ita ita ce ba biya, ba kariya. Ka biya ta banki zuwa asusun kamfani ko na dillali mai rajista, ka karɓi rasit da takardar inshorar kanta. Ka kuma karanta sharuɗɗan tukunyar kashe gobara, da ajiye fetur ɗin janareto, da kashe wuta idan an tashi. Tukunyar da wa'adinta ya wuce tana iya zama hujjar jayayya.

Ina da shakku ta fuskar addini. Akwai mafita?

Akwai takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Mahalarta ne ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, daga ciki ake tallafa wa wanda asara ta same shi. Amma maganar rasit, da ƙirgar kaya, da rufe cikakken adadi, duk tana nan yadda take.

Abin da suka ce za su ba ni bai yi mini ba. Ina zan kai kuka?

Kada ka sa hannu a takardar sallama tukuna, domin sa hannun yana nufin ka yarda an gama. Nemi a nuna maka lissafin layi-layi: nawa aka ɗauki darajar kayan, wane kaso na riba aka yi amfani da shi, nawa aka sa wa ragowar kaya, nawa aka cire na kasonka. Sau da yawa saɓanin yana wuri ɗaya ne, musamman kason riba. A misalinmu, da mai kiyasi ya ɗauki ribar Alhaji 10 cikin 100 maimakon 20, kayan da suka fita za su zama miliyan 22 da rabi, na cikin shago su faɗo zuwa 13 da rabi. Rasit ɗin saye da shafin ciniki na kaya goma da aka fi saya sun isa su gyara wannan. Ka rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin, ka haɗa hujjojin. Idan ba a daidaita ba, NAICOM tana da ofishin karɓar ƙorafin masu inshora, kuma za ta nemi kwafin takardar inshora, da rasit ɗin biya, da duk wasiƙun da kuka yi musaya.